Sha Biyu

Rana ta yi ja a bayan tashar jirgin ƙasa ta Rigasa lokacin da Habu ya koro awakin gidansu daga fili. Hazo ya sauko tun la'asar, ƙura ta yi wa ƙafafunsa fari har gwiwa, allon Islamiyya kuma yana rataye a kafaɗarsa don bai tsaya ajiye shi ba. Rani ne, an gama kwashe dawa da wake, saboda haka da hantsi Inna take kwance awakin su tafi kiwo da kansu. Aikin Habu shi ne ya tattaro su kafin magariba, ya ƙirga, ya ɗaure kowace a turkenta.

Ya tsaya a bakin ƙofar garke ya tokare ta da ƙafa ɗaya, yadda Baba ya koya masa, don su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta wuce sai ya taɓa bayanta.

"Ɗaya, biyu, uku..."

Da ya kai sha biyu ya miƙa hannu zai taɓa ta gaba, hannun ya sami iska. Ya leƙa lungu, ba kowa sai kajin maƙwabta suna neman hanyar akurki.

Bai tsorata ba tukuna. Awaki ba sa tsayuwa a ƙirga su, ƙanana kan kutsa ta ƙarƙashin iyayensu, ya sha yin kuskure a nan. Ya shiga ciki ya ja ƙyauren langa-langa, ya hau kan tsohon turmin da ake zuba musu dusa, ya sake ƙirgawa daga sama yana nuna kowace da yatsa. Sha biyu. Ya fara daga ɗaya ɓangaren, ta wajen kwanon ruwa. Sha biyu dai.

Sai ya bar lamba ya koma ga suna, don lamba tana iya ruɗa mutum amma ya san fuskar kowace. Ga Kyalla, babbar uwa mai farin ciki, ta riga ta kwanta tana tuƙa. Ga 'ya'yanta mata biyu na bara. Ga jajaye uku na Inna, irin jar akuyar Sakkwato, waɗanda take cewa su ne asusunta. Ga Gurguwa ta Kaka da tagwayenta. Ga baƙar akuyar Yaya Rabi da aka ba ta ranar saukar Alƙur'ani. Ga akuyar Hajiya ta gidan baya da suke yi wa kiwo, ga kuma bunsuru mai warin da ba ya ɓoyuwa yana ta tunkuɗe na kusa da shi.

Ɗan Jirgi ne babu.

Cikinsa ya ɗuri ruwa. Ɗan Jirgi taure ne ja mai farin goshi, kuma nasa ne, nasa shi kaɗai. Kaka ce ta ba shi tun yana jariri, da uwarsa ta mutu bayan ta haɗiyi leda a bola. Habu ne ya raine shi da madarar Kyalla a cikin robar lemo da aka huda murfinta. Sunan kuwa ya samo asali ne daga halinsa: duk sanda jirgin Abuja ya yi kuka zai shigo tasha, sai ya ɗaga kai ya amsa, kamar da shi ake. Habu yakan gaya wa abokansa cewa shi da tashar sa'o'i ne, don Baba ya ce a 2016 aka buɗe ta, shekarar da aka haife shi.

Daga tsakar gida Inna ta ɗaga murya, tana fifita wuta.

"Habu, ka ɗaure su?"

"Ina ɗaurewa, Inna."

"Ka ba su harawar, ka zo ka yi alwala. An kusa kira."

Ya watsa harawar wake a gurguje, ya jingine allonsa, ya zame ta ƙofar baya ba tare da ya ce wa kowa komai ba. A ransa ya yanke cewa zai samo tauren kafin Baba ya dawo daga Kasuwar Barci, inda yake ɗinki. In ya samo shi, ba wanda zai taɓa sanin an yi.

Ya fara da kangon da ke bayan makarantar firamare, inda awaki ke fakewa da rana. Kashinsu ne kawai a ciki da tsummokara. Ya wuce bola yana kira, "A'ish, a'ish! Ɗan Jirgi!" Wata baƙuwar akuya ta ɗago ta dube shi ta ci gaba da abin da take yi. Ya gangara wajen lambun Malam Audu a bakin rafi, zuciyarsa na dukan uku-uku, don kowa ya san Malam Audu ba ya wasa da latas da kabejinsa. Dabbar da ta yi masa ɓarna gidan mai unguwa yake kai ta, sai an biya tara. Ya same shi yana naɗe tiyon ban ruwa.

"Baba Audu, sannu da aiki."

"Yawwa, ɗan gidan tela. Me kake yi a nan da almuru?"

"Don Allah ko ka ga wani jan taure mai farin goshi?"

"Yau ko kaza ba ta shigo mini ba. Ya ɓace ne?" Ya dubi yaron da kyau. "Ka faɗa a gida?"

Habu ya sunkuyar da kai.

"To ka koma ka faɗa. Ba a neman dabba a ɓoye, yaro. In da wuri aka yi cigiya a masallaci, ko mai mugun nufi ne ya kama shi sai ya sake shi."

Ladan ya ɗauki kiran salla, wani ya karɓa daga can Hayin, nan da nan unguwar ta cika da muryoyi. Habu ya ce to, amma da ya hau tudu bai bi hanyar gida ba. Ya nufi wajen layin dogo. Baba ya hana shi zuwa nan ko da rana, balle yanzu. Ya tsaya daga nesa yana duban duwatsun da aka zuba a gefen titin jirgin, yana tsoron ya ga wani abu ja a kwance. Babu komai sai ledoji da iska ke kaɗawa. A nan ne hawayen suka zo. Ya tuna labarin masu babur da ke sungumar akuya su tura a buhu, ya tuna da safe da ya ba shi dusa ya ture masa kai don yana sauri kada ya makara. Ya goge fuska da hannun riga, ƙurar ta zama taɓo a kumatunsa.

Da ya iso gida duhu ya rufa, ba a kawo wuta ba. Ya sake shiga garke a sace, yana fatan ko tauren ya dawo da kansa. Ba ya ganin komai, don haka ya ƙirga da hannu, yana lalube daga turke zuwa turke: kunnen Kyalla, ƙahon bunsuru, ƙafar Gurguwa. A turke na ƙarshe ya tsaya. Ko igiyar babu. Wannan ya ɗaure masa kai, domin Inna a wuya take kwance su, igiya a jikin turke take kwana take wuni.

Hasken tocila ya faɗo masa a fuska.

"Ina ka shiga? Yayarka ta zagaye unguwa tana nemanka."

Baba ne, da hularsa a hannu, ko takalmi bai cire ba. Habu ya buɗe baki, maganar ta fito a tsinke.

"Baba, Ɗan Jirgi... na ƙirga, na sake ƙirgawa, na je kango, na je lambu. Wallahi da safe yana nan."

Baba ya sauke tocilar ƙasa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya jawo turmin dusa ya zauna a kai, ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da igiya shuɗiya a naɗe, wadda Habu ya tufka da kansa da zaren buhu.

"Zo nan, Habu. Bai ɓace ba. Ni na tafi da shi Zango da safe, bayan ka wuce makaranta."

Habu ya san Zango. Ya taɓa raka Baba can Tudun Wada sayen ragon suna, ya ga dillalai suna taɓa ƙirjin dabba suna ɗaga ta su ji nauyi. Ya san wanda aka kai can ba ya dawowa.

"Jibi za a rufe karɓar kuɗin jarrabawar Rabi ta gama sakandare. Na bi waɗanda nake bi bashin ɗinki, kowa ya ce sai ƙarshen wata. Kyalla ciki gare ta, na Innarka ma duk ciki gare su, ta Rabi ƙarama ce ba za ta kai ba. Shi kaɗai ne zai yi kuɗin." Ya juya igiyar a hannunsa. "Na ce kada kowa ya gaya maka, ni zan faɗa maka da bakina. Na so in riga ka isowa, aiki ya riƙe ni. Da na tambaye ka tun jiya ya fi, tunda naka ne."

Habu bai taɓa jin Baba ya yi masa magana haka ba. Ya so ya yi fushi, ya rasa ta inda zai fara. A bakin ƙofar garke ya hango Yaya Rabi tsaye da mayafinta, numfashinta bai gama daidaita ba saboda yawon nemansa. Ba ta shigo ba.

"Mahauci ne ya saya?" Habu ya tambaya.

"A'a. Wata mata ce daga Badarawa, ta ce kiwo za ta yi."

"Ka gaya mata ba ya cin dusa busasshiya? Sai an jiƙa, an sa ɗan kanwa."

"Ban gaya mata ba. Amma dillalin ya san gidanta, gobe zan biya in ba shi saƙon."

"Kuma kada ta bar shi ya je bola."

"Zan faɗa."

Baba ya miƙa masa igiyar. Ya ce in Kyalla ta haihu lafiya, nan da wata biyu in Allah ya so, Habu ne zai fara zaɓa, mace ko namiji. Habu ya karɓi igiyar bai amsa ba. Da ya zo wucewa ta ƙofa Rabi ta riƙo kafaɗarsa, ya fizge, sannan ya tsaya.

"Yaya, in kika faɗi jarrabawar nan ba zan ƙara yi miki magana ba."

"Ba zan faɗi ba," in ji ta, muryarta na rawa.

Inna ta ƙwala kira daga madafa cewa tuwo yana hucewa, kuma wanda bai yi magariba ba kada ya kuskura ya taɓa mata kwano. Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

"Ɗauko buta biyu," ya ce. "Ni ma a hanya ta same ni."