Taken Bidiyon Rabi

Rabi 'yar wani ƙauye ce kusa da Ringim, bidiyon girki take ɗorawa a YouTube da wayar yayanta. Duk take sai ta cusa masa kalmomi: "Tuwo Kannywood Soyayya Siyasa Innalillahi Kalli Yanzu". Mutane su danna su ga tukunya kan murhu, ko minti ɗaya ba a yi sun fice, har masu binta suka fara zamewa.

Inna tana tankaɗe ta ce, "Ke 'yar nan, mai tallan kunu ai kunu take kira."

Ranar ta rubuta kawai "Yadda Inna ke dama furar gero, ba firji". Masu kallo ba yawa amma wallahi sun kalla har ƙarshe, wata daga Gumel ma tana tambaya ko citta nawa ake sawa.