Sunan Ƴarmu a Damagaram

Alhamdu lillahi. Jiya Lahadi, kwana 7 da haihuwa, aka raɗa wa ƴarmu suna a gidanmu da ke unguwar Birni, nan Damagaram, jim kaɗan bayan sallar asuba. An ba ta sunan mahaifiyar maigida, saboda haka alkunya ba za ta bar ni in rubuta shi da hannuna ba. A gida Ummi muke kiranta.

A cikin hotunan da aka ɗauka ranar sunan, na farko na maza ne a ƙofar gida, suna zaune a kan tabarmi, liman ya ɗaga hannu ana shafa Fatiha, ga goro da dabino ana zagayawa da su kafin a yanka rago. Wanda ya fi taɓa zuciyata kuwa shi ne na uku, inda Hajiya, wadda aka yi wa takwara, ta rungume jikarta bayan wanzami ya gama aski, ta tsura wa ɗan kan nan ido tana murmushi, hawaye na bin kuncinta. Jaririyar ko motsi ba ta yi ba, barcinta kawai take yi.

Ina godiya ga Innata, wadda tun ranar haihuwa take tsaye a kan wankan jego da kunun kanwa, da ƴan uwan da suka taso daga Mirya da Magarya da turamen zane da sabulu. Allah Ya saka da alheri, Ya raya mana Ummi bisa tafarkin Musulunci.