Zuwa ga Alhaji Isufu, kan maganar babbar rigarku

Tawa, Litinin 13 ga Oktoba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Allah ya sanya albarka a auren Rabi da ke tafe, ya nuna mana ranar lafiya.

Alhaji, na rubuto ne kan gwajin da muka sa jibi Laraba, 15 ga wata. Babbar rigar ba za ta kai ga gwaji a ranar ba, kuma na ga ya fi kyau ku ji daga bakina tun yau, kada ku baro harkokinku ku zo shago ku tarar da ita a kan tebur ba a fasa mata wuya ba.

Zare ne ya tsayar da mu. Shaddar da kuka kawo ruwan toka ce mai ɗan shuɗi a ciki, kuka ce aikin ya zama launi ɗaya da ita, ba mai ƙyalƙyali ba. Zaren da nake da shi ya ishe ni aikin baya da rabin aljihu, sai ya ƙare. Na zaga kasuwar nan, har jiya Lahadi da ta ci na sake dubawa, duk abin da na samu ya fi shaddar haske. Na aika Yamai aka nemo a Babbar Kasuwa, ya iso ta mota ranar Juma'a. A cikin shago kamar shi ne, amma da na fitar da shi rana na ɗora a kan aikin da aka riga aka yi, sai ga shi yana ja zuwa kore. Wani zai ce wa zai lura. Ɗaurin aure da hantsi ake yi, a waje, kuma uban amarya kowa sai ya zo gabansa ya miƙa hannu. Aska takwas mai launi biyu a ƙirjinku, ba zan iya sa ta fita daga shagona ba. Yanzu na yanki guntun shaddar da ragowar zaren farko na ba wani ɗan'uwana da ke sayayya Kano, ya kai wa mai zaren ido da ido. Ya tabbatar mini ya samu, zai biyo da shi ta Konni ranar Alhamis ɗin makon nan in Allah ya yarda.

Za ku iya cewa mu yi gwajin haka nan, a ƙarasa aikin daga baya. Ba ya yiwuwa a babbar riga. Aiki mai cika yana jan yadi, yana tattare shi kaɗan, shi ya sa ba na fasa wuya sai an gama shi sarai. In na fasa yanzu don mu gwada, bayan aiki wuyan zai karkace, aljihu ya hau sama, kuma shadda in almakashi ya shiga ba a mayar da ita. Mita goma irin wannan ba abin wasa ba ne.

Sauran kayan kuwa sun yi nisa. Wando da ƴar ciki an gama, saura ƙafar wando da na bari sai kun sa. Kaftanin yaran guda biyu suna rataye, ko yau aka aiko za a tafi da su.

Ga abin da nake roƙo: ku zo ranar Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan La'asar. Lokacin an gama aikin, an fasa wuya, na bar gefen hannuwa da ƙasan riga ba kalmasa don mu daidaita tsawo a jikinku. Don Allah ku taho da takalmin da za ku sa ranar biki, da hular, saboda da su nake auna inda riga za ta tsaya. Gwajin ba zai wuce rabin awa ba. Daga nan sai kalmasa, a kai wa mabuga su buga ta ta yi sheƙi, ni da kaina in kawo muku gida ranar Talata 28 ga wata. Ɗaurin aure Asabar ne, 1 ga Nuwamba, akwai sauran kwana ko da wani ɗan gyara ya taso.

In Alhamis ɗin ta zo daidai da tafiyarku Galmi wajen albasa, Juma'a 24 da safe kafin masallaci ma ta yi. In kuma zuwa shago zai yi muku wuya, ku faɗi lokaci in zo gida da kayan. Abin da ba na so kawai mu wuce Asabar 25, don mabuga suna cika da aiki a ƙarshen wata.

Kuɗi yana nan yadda muka yi. Jika 20 da kuka bayar kafin alƙalami na rubuta, saura jika 15 sai kaya sun shiga hannunku. Kuɗin zaren da na mota ba ya cikin lissafinku.

Yaron da ya kawo takardar nan, Sani, almajirina ne a shago. Ku gaya masa ranar da ta yi muku, ko ku kira ni a waya bayan Isha'i.

A gaida Hajiya, a ce mata ɗinkin ƴan mata yana hannun Zainabu, za ta kira ta gobe.

Naku,
Habu Tela