Daga Shuka Zuwa Rumbu: Tsarin Kiɗa da Rawa na Bikin Rufe Lakwal, Tawa

Yara 186 ne, daga aji ɗaya zuwa aji shida, kuma ba wanda zai zauna kallo. Za a fara bayan la'asar, a gama cikin minti 25. A yayyafa wa fili ruwa tun da azahar, don ƙura ta bara ta sa ƙanana tari har waƙa ta tsaya.

Makaɗa, ƴan aji shida su 10, suna gindin bedi ta gabas: ganga 3, kalangu 2, kurya 2, ƙwarya a kife cikin ruwa 3. Babbar ganga tana hannun yaronmu kurma. Yana jin ta a ƙirjinsa, kuma duk lakwal ba mai riƙe kiɗa kamarsa. Madam ta aji shida za ta tsaya inda yake ganinta da kyau: ta ɗaga kallabi ya fara, ta sauke ya tsaya.

Hadari. Fili shiru. Ganga ta buga uku a hankali. Ƴan aji ɗaya su 38 su shigo a guje daga kusurwa huɗu, kowa da gwangwanin tumatir mai tsakuwa a ciki. Su kaɗa a hankali kamar yayyafi, su ƙara, su ƙara, har ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kada a jera su sahu, ruwan sama ba ya sahu. Wanda ya tsaya yana neman innarsa cikin jama'a a ƙyale shi, muddin gwangwaninsa na kaɗawa. Ganga ta buga ɗaya mai ƙarfi, duk su durƙusa a gefen fili.

Shuka. Aji biyu (34) da aji uku (31). Ƴan aji uku a gaba da sungumin kara, ƴan aji biyu a baya da ƴar ƙwaryar iri. Kalangu ke jan su. Taku huɗu ne: sara, taka, jefa iri, rufe da diddige. Rufewar nan ita ce rawar, a bari diddige ya daki ƙasa tare da kurya.

Mai bayarwa: Ruwa ya sauka a Adar!
Amshi: Mu shuka, mu shuka!
Mai bayarwa: Hatsi a tudu, albasa a Galmi!
Amshi: Mu shuka, mu shuka!
Mai bayarwa: Inna, ajiye mana fura!
Amshi: Sai mun kai ƙarshen gona!

Sau uku, na ukun da sauri. Sai ƴan aji biyu su tsuguna inda suke, sun zama iri. Ƴan aji ɗaya su sake kaɗa ruwa, iri ya miƙe sannu-sannu, hannuwa sama.

Noma. Maza da mata na aji huɗu su 30, da sanduna gajeru, da'ira biyu irin ta takai. Taku biyu gaba, juya, sanda ta haɗu da ta maƙwabci. Juya, ta haɗu da ta bayanka. Sandunan su tsaya daidai ƙirji, mushe na aji huɗu ya sa ido a kan wannan. Kewaye huɗu ya isa.

Daka da gaɗa. Ganguna su yi shiru, a bar wa ƙwarya fili. Turmi uku a tsakiya, ƴan mata shida na aji biyar suna luguden taɓarya, suna jefa ta sama su tafa kafin ta dawo. Sauran 22 su kewaye su da tafi, ana faɗawa baya ana tarewa. Mai jin kunyar faɗawa ta zama mai tarewa, aikinta ya fi nauyi ma.

Mai bayarwa: Wa ya cika rumbu?
Amshi: Mu ne, mu duka!

Tuta. Ƴan aji shida 15 da suka rage su bi sahu suna raba ƙyalle. Kiɗa duka ya tashi. Aji ɗaya da biyu, ruwan goro, a arewa. Aji uku da shida, fari, a tsakiya. Aji huɗu da biyar, tsanwa, a kudu. Yarinyarmu mai keke, wadda ta riƙe babbar ƙwaryar iri tun farkon shuka, ƙawayenta biyu su kawo ta tsakiyar farin da faifai mai ruwan goro a hannunta: ita ce ranar da ke kan tutar Nijar.

Makaɗa su rataya ganguna, su taso suna kaɗawa su shiga sahun fari, masu ƙwarya da ƙoƙo a hannu. Madam ta sauke kallabi. Kiɗa ya ɗauke. Yarinyar ta ɗaga faifai, yara duka su ce da murya ɗaya: “Sannunku da zuwa, iyayenmu!”

Iyaye mata su yi guɗa. Fita ta ƙofar yamma, ƴan aji ɗaya a gaba, kowane babba riƙe da hannun ƙarami.