Kasafin Gyaran Masallacin Unguwa: Alƙawuran da Aka Ɗauka da Kuɗin da Suka Shigo Hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim

Daga Ma'ajin Kwamitin Gyara zuwa ga Malam Liman, Mai Unguwa, dattawa da dukkan jama'ar masallaci. Lissafin ya tsaya a ranar Asabar, 28 ga Shawwal 1446, daidai da 26 ga Afrilu 2025.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun daga ranar 15 ga Fabrairu da muka buɗe gidauniya, maganar da ke yawo a unguwa ita ce an tara sama da miliyan 14. Alƙawarin miliyan 14 aka yi. Abin da ya shigo daga ciki bai kai miliyan 7 da rabi ba. Kwamiti ya yanke cewa ba za a ba da aikin ko ƙusa ɗaya ba sai da kuɗin da muka gani a asusu, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Abin da aikin zai ci

Farashin kaya mun ɗauko shi ne daga Kasuwar Ƙofar Ruwa bayan Ƙaramar Sallah.

| Aiki | Naira |
|---|---|
| Rufi: cire tsohon kwano, katako, sabon kwano, ladan kafinta | 6,400,000 |
| Gyaran tsagar bangon gabas da filasta | 1,250,000 |
| Silin, wayoyin wuta da fanka 12 | 2,150,000 |
| Wurin alwala da banɗakuna | 2,300,000 |
| Sola don lasifika da fankoki | 1,800,000 |
| Kafet | 1,200,000 |
| Fenti | 900,000 |
| Kuɗin ko-ta-kwana, kashi 10 cikin 100 | 1,600,000 |
| Jimilla | 17,600,000 |

Wani bawan Allah ya yi alƙawarin siminti buhu 40, ya kawo 25, suna ɗakin ladan a kan katako. A kan ₦10,000 kowane buhu, ya rage mana ₦250,000 daga aikin bango. Kuɗin da muke nema ke nan ya koma ₦17,350,000.

Alƙawari da abin da ya shigo

| Rukuni | Alƙawari | Ya shigo | Saura |
|---|---|---|---|
| Manyan 'yan kasuwa, mutum 6 | 7,500,000 | 2,900,000 | 4,600,000 |
| Magidanta 84, kowa ₦40,000 | 3,360,000 | 2,240,000 | 1,120,000 |
| 'Yan unguwa mazauna Legas, Abuja da Saudiyya | 2,200,000 | 1,450,000 | 750,000 |
| Iyayenmu mata na Islamiyya | 620,000 | 585,000 | 35,000 |
| Matasa | 480,000 | 310,000 | 170,000 |
| Jimilla | 14,160,000 | 7,485,000 | 6,675,000 |

Ban da wannan, akwai ₦865,000 da babu alƙawari a kansu. ₦770,000 sun fito ne daga akwatin masallaci da tarin daren tarawihi da tahajjud, sai ₦95,000 da suka faɗo asusun banki babu sunan wanda muka sani. Idan wani ne ya biya alƙawarinsa ta asusun ɗansa ko ta wajen mai cirar kuɗi na bakin titi, ya zo da takardar shaidar turawa mu mayar da su kan sunansa. Duk kuɗin da kwamiti ya karɓa ya kama ₦8,350,000.

Dole in tsaya a kan iyayenmu mata. Babu wadda ta riƙe lasifika ranar gidauniya. Malamarsu ce take kawo kuɗin duk Alhamis a ƙulle cikin leda, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, wasu da man ƙuli a jikinsu, tare da littafin makaranta da aka rubuta sunan kowacce da abin da ta bayar. Saura ₦35,000 su gama, kuma ban taɓa tuna musu ba. Allah Ya saka musu da gidan Aljanna.

Abin da aka kashe

Kafin alƙalami ga mai katako, ₦1,200,000. Ladan injiniyan da ya duba bango da rufi, ₦150,000. Buga rasit da cajin banki, ₦25,000. Biyun ƙarshen daga kuɗin ko-ta-kwana aka cire su. Jimilla ₦1,375,000. Abin da ya rage shi ne ₦6,975,000: akwai ₦6,840,000 a banki, ₦135,000 kuma a hannuna, zan kai su ranar Litinin in Allah Ya so.

Sauran alƙawuran

Ba duka ₦6,675,000 ɗin nan ne nauyinsu ɗaya ba, kuma yaudarar jama'a ce a jera su a layi guda. Masu ₦3,100,000 sun ba da rana, yawanci ƙarshen wata ko kafin Babbar Sallah, kuma mutane ne da muka san cika maganarsu. Masu ₦2,075,000 sun tabbatar suna sane amma ba su sa lokaci ba. A cikinsu akwai ₦120,000 na mutum biyu da suka nuna hoton turawa a waya, amma kuɗin bai bayyana a takardar banki ba. Ba zargin kowa muke yi ba, kuɗi na maƙalewa a hanya, sai dai ba a rubuta rasit sai an gani.

Ragowar ₦1,500,000 alƙawari ne guda ɗaya da wakilin wani babban mutum ya faɗa a bainar jama'a, aka yi kabbara. Sakatare ya kai takarda, Mai Unguwa ya aika, har yau shiru. Shawarata a daina lissafi da shi. In ya zo, alhamdu lillahi.

Wanda ya yi alƙawari sannan hali ya canza masa, kasuwa ta ƙi ko rashin lafiya ya shigo gida, ya same ni ko Malam Liman a keɓe. Za a rage masa ko a raba masa biya, kuma ba za a karanta sunan kowa a masallaci ba. Gara mutum ya ce dubu goma zai iya, mu rubuta goma, da a bar arba'in a takarda muna gina lissafi a kansu.

Tsarin aiki

Rufi da bangon gabas ne farko, babu jayayya. Duk wanda ya yi sallah a sahun gaba daminar bara ya san bokitan da muke jerawa kusa da inda liman ke tsayawa, kuma injiniya ya ce ruwan da ke bin tsagar nan shi ke cin bangon. Ragowar kuɗin rufi ₦5,200,000, na bango ₦1,000,000, jimilla ₦6,200,000. Muna da su. Kafinta ya ce mako uku ya ishe shi, don haka za a fara cire kwano ranar Litinin, 5 ga Mayu, a riƙa sallah a rumfar waje. Damina ta kusa, jinkiri ba namu ba ne.

Bayan nan ₦775,000 ne za su rage. Ba za a taɓa su ba sai an gama rufi, saboda ba mu san abin da za mu tarar a ƙarƙashin tsohon kwano ba. Silin da wuta za su biyo baya idan waɗanda suka ba da ranar biya suka cika, sai wurin alwala. Wasu sun so a fara sayen kafet don Sallah. Na fahimce su, amma shimfiɗa sabon kafet a ɗakin da ke yoyo asarar dukiyar jama'a ce. Kafet, fenti da sola su jira.

Giɓin da ke tsakanin kuɗin da muke nema da wanda muka karɓa ₦9,000,000 ne cif. Ko da kowa ya cika alƙawarinsa, har da mai miliyan ɗaya da rabin, za a nemi ƙarin ₦2,325,000. Kwamiti zai kawo shawarar yadda za a cike shi a zama na gaba.

Ka'idar kuɗi tana nan yadda take: ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu daga cikin Shugaba, Sakatare da Ma'aji, kuma duk wanda ya ba da kuɗi hannu da hannu ya karɓi rasit mai lamba nan take. Littafin rasit da takardar banki suna wurin Sakatare bayan sallar La'asar ga duk mai son dubawa.

Zama na gaba ranar Asabar, 10 ga Mayu, bayan sallar Isha'i. Allah Ya karɓa mana, Ya buɗa wa waɗanda ba su samu ikon cikawa ba.

Wassalamu alaikum.

Ma'ajin Kwamitin Gyaran Masallaci, da amincewar Shugaba da Sakatare