Takardar Neman Aiki a Sashen Duba Ingancin Hatsi

Unguwar Tudun Wada,
Kaduna.
13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Babban Manaja,
Kamfanin sarrafa abincin kaji,
Kakuri, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda ne domin neman gurbin aiki a sashenku na duba ingancin hatsi, duk da ina sane da cewa kamfanin bai fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne shigowar kaka, lokacin da sabuwar masara ke fara isowa daga kasuwanni irin su Saminaka da Giwa, aikin awo da tantancewa kuma ya ninka a ƙofar kowane sito.

Na yi digirin aikin gona na shekara biyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda na karkata ga kimiyyar dabbobi, sannan na kammala hidimar ƙasa a bana, wadda na yi ta a matsayin malama a wata makarantar sakandare a Jihar Neja. Ban taɓa aiki a kamfani ba, kuma na fi son in faɗi haka tun daga farko a kan in ƙawata takardata da abin da ba zan iya karewa a gabanku ba. Abin da nake da shi shi ne karatun da na yi da hannuna, musamman a shekara ta huɗu wadda muka shafe a gona da ɗakin kaji, da kuma binciken kammala digiri da na yi a kan danshin masarar da ake haɗa abincin kaji da ita.

A kan wannan binciken nake so in ɗan tsaya, domin shi ne dalilin da ya sa na nufo ku. Masarar da aka zuba a buhu danshinta ya haura kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari ba ta jimre ajiya, takan yi zafi ta yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yakan haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hantar kaza, ta rage mata girma da yawan ƙwai. Mai kiwo ba ya ganin gubar da ido. Abin da yake gani shi ne kajinsa sun ja baya, daga nan sai ya ɗora laifin a kan buhun abincin da ya saya, ya koma wani kamfanin. A lokacin binciken na koyi ɗibar samfuri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu maimakon baki kaɗai, na koyi aiki da na'urar auna danshi da busar da samfuri a tanda domin tabbatar da awon, na kuma saba da rubuta sakamako yadda wani zai iya bin sa ko ba na nan. Na sha tsayawa da dillalan hatsi a kasuwa, na ga yadda sukan ciji ƙwaya su ce ta bushe, kuma sau da yawa haƙorinsu kan yi daidai, amma a ganina kamfanin da ke sayen tirela guda ba zai dogara da haƙori kaɗai ba.

Na san akwai abubuwa da yawa da aji bai koya mini ba, kamar saurin aikin injin niƙa da yadda ake yanke hukunci a kan kaya alhali direba na jira. Saboda haka ba babbar kujera nake nema ba. Idan akwai gurbin ƙaramar ma'aikaciya ko mai koyon aiki, ko da na wata uku ne na gwaji a wannan kakar, zan karɓa da hannu biyu, a ƙarƙashin duk wanda kuka ga ya dace ya horar da ni. Ina iya aiki da Excel wajen adana bayanai, ina jin Hausa da Turanci sosai, wanda zai taimaka wajen magana da masu kawo kaya, kuma zuwa Kakuri daga Tudun Wada da sassafe ba zai gagare ni ba.

Na haɗo da takaitaccen tarihin karatuna, wanda ke ɗauke da lambar wayata, da kwafin shaidar digiri da ta hidimar ƙasa. Idan babu gurbi a yanzu, ina roƙon a ajiye takardun nawa har zuwa lokacin da buƙata za ta taso. Idan kuwa za a ba ni dama, a shirye nake in zo ganawa duk ranar da kuka sa, in kuma gwada awon samfuri a gabanku.

Na gode da lokacin da aka ba wannan takarda. Allah ya ƙara wa kamfanin albarka.

Taku cikin girmamawa,
Sadiya Abdullahi