Ƙarshen takardar neman aikin kula da sito a Dawanau

To Alhaji, kafin in rufe. Duk abin da na zayyana a sama kan aikin da nake yi na riƙe littafin sito a Kasuwar Singa tun 2019 rubutu ne kawai, kuma na san ba a miƙa wa mutum makullin sito don takardarsa ta yi kyau, sai an gan shi an ji bakinsa. Shi ya sa zan ji daɗi in aka kira ni intabiyu, ko da ku ko da manajanku, a zauna a yi min tambayoyi yadda ya kamata.

In an kira ni zan zo da samfurin yadda nake shigar da kaya a littafi da kuma a Excel, ba da lissafin maigidana na yanzu ba, wannan amana ce ba ta fita waje, zan dai haɗa misali nawa. In ma kuna so a gwada ni a bakin sikeli ranar da ake sauke mota na fi son hakan gaskiya, don na san aikin Dawanau ba irin na Singa ba ne, can katon ɗin taliya da buhun sukari ƙirgawa ake yi a wuce, a wajenku kuwa riɗi da zoɓo awo ne, buhun da ya shigo da danshi ko da ƙasa ba nauyinsa ke nan ba bayan ya bushe an gyara shi, kuma mai sito ne zai yi bayanin inda ragin ya tafi. Ina so in ji yadda kuke rubuta wannan ragin a wajenku, ni ma in faɗi yadda nake ganin za a riƙa yi.

Maganar lokaci, daga Litinin zuwa Alhamis bayan azahar ina iya samun izini in zo, in wata rana ce ta fi muku a sanar da ni kwana ɗaya kafin nan zan shirya. Lambar da ke saman takardar nan ita nake riƙewa kullum. In an ɗauke ni zan buƙaci sati biyu in miƙa sito da lissafi ga wanda zai gaje ni, ba na son in bar wuri da baki biyu.

Na san yanzu kaka ce, kaya na shigowa ba dare ba rana kuma ba ni kaɗai na nema ba, don haka ku duba a lokacin da ya yi muku. Na gode da kuka karanta har ƙarshe. Allah ya ƙara buɗi, ya sa wa kasuwa albarka.

Wassalam,
Sagiru